Wasiƙar Naira Dubu Goma Sha Bakwai



A ƙarshen watan Fabrairun 2025, azumi yana bakin ƙofa, ma'aikatan gwamnatin Kano da dama suka ga albashinsu ya shigo a gutsure. Koke ya yi yawa har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya dakatar da muƙaddashin shugaban ma'aikata, ya kafa kwamiti ya binciki yadda aka biya albashi tun daga Oktoban 2024. Wanda ya saurari ma'aikata a rediyo a waɗannan kwanaki zai tuna cewa kuka biyu suke yi. Na farko kuɗin da babu. Na biyu kuwa, wanda ya fi fitowa da zafi a muryarsu, shi ne mutum bai san me aka cire ba, bai san wa ya cire ba, in ya tambaya kuma a ce masa daga sama ne. Wannan kuka na biyu aikin rubutu ne, shi ya sa muka kawo shi nan. Mu da muke koyon alƙalami mun fi mayar da hankali ga labari da waƙa, alhali rubutun da za a fi roƙon mu yi a unguwa shi ne irin wannan: wasiƙa, sanarwa, amsar ƙorafi. Da an ji kana ƙungiyar marubuta, to kai ne akawun dangi.

Abin da za mu duba ya faru a wani ƙaramin kamfanin sayar da taki da sayen hatsi a yankin Jajaye, cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi sunan kowa ba. Ma'aikata takwas ne, da akawu ɗaya mai riƙe da lissafi a kwamfuta, da mai wurin da kowa ke kira Alhaji. Mai kula da sito albashinsa naira 60,000 ne a wata. A watan Mayu ya karɓi bashin albashi na 36,000 don ya yi shirin damina, aka yi yarjejeniya za a riƙa cire 12,000 a Yuni da Yuli da Agusta. Akwai kuma 2,000 da ake cire wa kowa duk wata da yardarsa, na asusun taimakon juna da ma'aikatan suka kafa saboda suna da biki da rashin lafiya. Ke nan a ƙarshen Satumba abin da yake jira 58,000 ne. Sai wayarsa ta nuna masa 41,000.

Saƙon da ya tura wa Alhaji gajere ne: "Salamu alaikum Alhaji. Na ga dubu arba'in da ɗaya maimakon hamsin da takwas. Ni dai na san na gama biyan bashina tun watan jiya. Don Allah a duba mini."

Alhaji ya miƙa wa akawu, akawu ya rubuta amsa, Alhaji ya karanta ya ji wani abu bai kwanta masa ba amma ya rasa mene ne, sai ya aiko mana mu gyara masa Hausar. Ga abin da akawu ya rubuta:

"Bayan gaisuwa. Dangane da ƙorafinka, ana sanar da kai cewa duk abin da aka cire an cire shi ne bisa ƙa'idar wannan ma'aikata. Idan akwai kuskure daga kwamfuta ne, kuma za a duba in sha Allahu. Ana shawartarka da ka riƙa bin hanyar da ta dace maimakon yawo da magana. Ka yi haƙuri. Hukuma."

Hausar ba ta da aibi. Babu kuskuren nahawu, babu zagi, har da in sha Allahu da haƙuri. Amma ku sake karantawa ku nemo lamba ko ɗaya. Mutum ya yi tambaya a kan kuɗi, ya kawo lambobi biyu, an ba shi amsar da ba ta da ko sisi a ciki. Sannan ku ƙirga "an" da 'yan uwanta: ana sanar, aka cire, an cire, za a duba, ana shawartarka. Sau biyar aka yi aiki a wasiƙar nan babu mai yi. Mai aiki ɗaya tak da aka ambata da suna ita ce kwamfuta, ita kuwa ba ta da bakin kare kanta.

Wannan "an" kyauta ce Hausa ta ba mu, kuma tana da wurinta. Da ita muke sakaya magana saboda kunya, da ita muke cewa "an sauka lafiya" ko "an yi rasuwa". Amma a wasiƙar kuɗi rami ce da mai laifi ke shigewa. In aka ce "za a duba", gobe mai sito ya je wurin wa? Akawu zai ce Alhaji, Alhaji zai ce akawu. Sa hannun ma "Hukuma" ne, a wurin da mutum goma ke sallar azahar a kan tabarma ɗaya.

Muka ce wa Alhaji ba za mu iya gyara wasiƙar ba sai mun ga lissafin. Ya yi mamaki, don a ganinsa aikinmu sassauta kalmomi ne. Amma ba a sassauta abin da ba a sani ba. Marubucin da ya karɓi irin wannan takarda ya shafa mata mai ba tare da ya duba lambobin ba, ya taya ɓoye ɓarna ne da kyakkyawar Hausa. Akawu ya buɗe jadawalin albashi na wata huɗu, muka jera su kusa da juna. Cikin 'yan mintuna abin ya fito fili. A layin mai sito, gurbin bashi yana ɗauke da 12,000 a Yuni, 12,000 a Yuli, 12,000 a Agusta, da kuma 12,000 a Satumba. Yadda akawu ke aiki shi ne ya kwafi jadawalin watan jiya ya canza sunan wata, sannan ya gyara abin da ya tuna. Babu gurbin da ke nuna sauran bashi, babu ranar da cirewa za ta ƙare. Bashin ya mutu a Agusta amma lambar ta ci gaba da tafiya ita kaɗai. Alamar irin wannan kuskure ke nan a ko'ina: adadi ɗaya ya maimaita kansa sau ɗaya fiye da yadda aka yi alkawari. Sau uku 12,000 ya ba da 36,000, na huɗun ba shi da uba.

To amma 60,000 in an cire 2,000 da 12,000, saura 46,000 ne, shi kuma 41,000 ya gani. Akwai 5,000 da ba ta da bayani. Da muka tambaya sai akawu ya ce ai ta buhu ce. A tsakiyar Satumba an nemi buhun taki ɗaya an rasa, kuɗinsa 40,000, Alhaji ya ce a raba wa ma'aikata takwas kowa ya ɗauki 5,000. Ba a gaya musu ba. Mai sito ma bai san da ita ba, ya haɗa ta ne cikin bashin da yake zaton an ƙara cire masa.

A nan aikin ya daina zama na gyaran jimla. Kuskuren 12,000 mai sauƙi ne, kowa ya yarda kuskure ne. Ita 5,000 da gangan aka cire ta, kuma mai wurin ne ya ba da umarni. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda ke babi na L1 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi magana a kan wannan a sashe na 5. Asalin hukuncin shi ne mai aiki ba ya cin ma'aikaci tara daga albashinsa. In ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai jami'in ƙwadago mai izini ya amince a rubuce tun kafin a cire. A nan babu takardar jami'i, kuma raba kuɗin ga mutum takwas shi kansa shaida ne cewa ba a gano wanda ya yi sakacin ba. Da an gano shi, da shi kaɗai za a tuhuma.

Akawu ya san wani yanki na dokar, ya ce ai abin da aka cire bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Gaskiyarsa ta wannan fuska: sashen ya ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce sulusin albashi, sulusin 60,000 kuwa 20,000 ne, an cire 19,000. Sai dai sulusin rufi ne a kan cirewar da ta halatta, ba lasisi ba ne na a ɗauki duk abin da bai kai shi ba. Naira ɗari da aka cire ba bisa ƙa'ida ba haramtacciya ce ko da albashin miliyan ne. Kuma domin kada wani ya ɗauki wannan ya tafi da shi ko'ina: dokar tana magana ne a kan masu aikin ƙarfi da aikin akawu, irin mai sito da direba da maigadi. Manyan ma'aikata masu aikin gudanarwa ko na ƙwarewa ba su shiga ma'anar ma'aikaci a cikinta ba, su takardar ɗaukar aikinsu da ƙa'idojin aikin gwamnati ake dubawa.

Alhaji ya ce, "To yaro, buhuna fa? Ya tafi ke nan?"

Muka ce, "Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji, buhu maganarsa daban. A zauna da su a bincika, in an gano wanda ya yi sakaci a bi hanyarsa. Amma wasiƙar nan ba za ta iya cewa an cire bisa ƙa'ida ba, don babu ƙa'idar. In kuma muka mayar da dubu goma sha biyu muka yi shiru a kan biyar, zai lissafa da kansa ya ga saura, sai ya daina yarda da ɗayan bayanin ma."

Ya yi shiru ya ce a mayar wa kowa. Ba don tsoron kotun ma'aikata da ke Kano ba, a ganinmu, don babu wanda zai tashi daga Jajaye ya yi shari'a a kan dubu biyar. Abin da ya taɓa shi shi ne da aka ce mutum bakwai aƙalla a cikin takwas ɗin an ci kuɗinsu ba su ci komai ba.

Sai a lokacin muka fara rubutu. Tambayar da muka sa a gaba ita ce: in mai sito ya buɗe takardar nan, me idonsa ke nema? Abu na farko, shin an yarda yana da gaskiya? Na biyu, nawa ne kuɗinsa? Na uku, yaushe zai gan su? Duk sauran bayani yana iya jira. Wasiƙun ofis da muka gada suna jera abin a juye: dogon share fage, tarihin ƙa'ida, sannan amsa a can ƙasa in ma akwai ta. Mai jiran dubu goma sha bakwai ba ya karanta share fage, tsallakewa yake yi yana neman lamba, in bai gani ba ya ninke takarda da abin da ya riga ya yanke a ransa. Ga yadda ta fita:

"Assalamu alaikum Malam Wane,

Na samu saƙonka na ranar 1 ga Oktoba a kan albashin Satumba. Na duba lissafin tare da akawu, kuma kana da gaskiya: mun cire maka naira 17,000 da bai kamata mu cire ba. Za mu tura maka su ta asusunka na banki ranar 7 ga Oktoba.

Ga yadda lissafin yake. Albashinka 60,000 ne. Mun cire 2,000 ta asusun taimakon juna kamar kullum, wannan daidai ne, don haka 58,000 ya kamata ka gani. Mun ƙara cire 12,000 ta bashin da ka karɓa a watan Mayu, alhali ka gama biyansa a Agusta. Ba ma bin ka ko kwabo. Kuskuren ya faru ne saboda mun kwafi jadawalin Agusta ba mu goge layin bashin ba. Mun kuma cire 5,000 saboda buhun takin da ya ɓace a sito. Ni na ba da wannan umarni, kuma bai dace ba, domin ba a tabbatar da laifi a kanka ba kuma ba mu gaya maka ba kafin mu cire. Cirewar ba ta nufin ana zarginka.

Mun ƙara gurbin sauran bashi a jadawalinmu domin cirewa ta tsaya da kanta in bashi ya ƙare. Daga wannan wata kuma kowa zai karɓi takardar da ke nuna abin da aka cire masa da dalili.

Na san kuɗin nan sun yi maka amfani a lokacin da aka riƙe su. Ka yi mana afuwa. Na gode da ka yi magana, domin ta dalilinka muka gano. In ranar 7 ta wuce ba ka ga kuɗin ba, ko ka ga lissafin nan bai yi daidai da naka ba, ka same ni kai tsaye.

Wassalam."

Sai sunan Alhaji da sa hannunsa da kwanan wata.

Bari mu tsaya a kan wasu kalmomi, don a nan ne aka yi ta ja-in-ja.

Akawu ya so a bar "ka yi haƙuri". Muka ce a'a, muka sa "ka yi mana afuwa". Bahaushe yana ba da haƙuri a kan komai: ga wanda aka yi wa mutuwa, ga wanda ruwa ya cinye wa gona, ga yaron da ya faɗi. Haƙuri ana ba da shi ne a kan abin da ya sauko wa mutum, ba ya nuna daga ina ya sauko. Shi ya sa mai laifi ke son sa, yana iya ba ka haƙuri a kan abin da shi ya yi maka kamar shi ma ɗan jaje ne. Afuwa kuwa ba a neman ta sai wurin wanda aka yi wa laifi, kuma mai neman ta ya amsa cewa shi ne. Haƙuri aiki yake ɗora wa wanda aka cuta, afuwa tana ba shi iko. Sau ɗaya muka neme ta. In aka yi ta maimaitawa sai wasiƙa ta koma roƙo, mai sito ya ji nauyi, ya fara cewa "haba Alhaji ba komai" tun kafin kuɗinsa su dawo.

Mun cire in sha Allahu daga jikin ranar biya, wannan ma sai da aka yi magana. Ba don ba ta da kyau ba, ai duk abin da Musulmi zai yi gobe da ita yake faɗa. Matsalar ita ce yadda ofisoshi suka gajiyar da ita. In ma'aikaci ya ji "za a duba in sha Allahu" ya san an rufe zancen. Idan za a sa ta, to ta zo bayan rana da adadi da hanya, kada ta zauna a gurbinsu. "Ranar 7 ga Oktoba, ta asusunka, in sha Allahu" magana ce ta mumini mai niyya. Alhaji daga baya ya ƙara ta da biro a daidai wannan wuri, ba mu ce komai ba.

Game da ranar kuwa, mun tambayi Alhaji yaushe kuɗi za su samu da gaske, domin mayar wa mutum takwas dubu biyar-biyar da ƙarin sha biyu ya kama 52,000, a lokacin da jari ya tafi sayen sabuwar masara. Ya fara cewa a rubuta gobe. Muka ce in goben ba ta tabbata ba a rubuta ranar da ta tabbata. Wasiƙar da ta yi alkawarin gobe ta saɓa ta fi ta akawu muni, don ta akawu ba ta yi alkawarin komai ba. Da kuɗin ba za su samu gaba ɗaya ba, da sai a rubuta haka: kaza ranar kaza, ragowar ranar kaza. Abin da muka ƙi shi ne "za a haɗa maka a albashin wata mai zuwa". Kuɗinsa ne tun 30 ga Satumba, riƙe su wata guda bashi ne aka ci a wurinsa ba a tambaye shi ba.

Akwai "mun" da "ni" a wasiƙar, kuma da niyya aka raba su. Kuskuren jadawali mun ce "mun kwafi", ba mu ce akawu ya kwafa ba. Gaskiya ce ba a rage ta ba, don jadawalin na kamfani ne kuma Alhaji ne ke amincewa da biya. Miƙa akawu ga ma'aikata su cinye ba zai ƙara wa mai sito ko naira ba, zai dai haɗa mutum biyu da ke aiki a ɗaki ɗaya faɗa. Tsawatar wa akawu, in za a yi, tsakaninsa da Alhaji ne. Amma a maganar buhu mun sa "ni na ba da umarni", saboda shawara ce ta mutum ɗaya, kuma in aka ce "mun" kowa zai zaci akawu ne ya kitsa. Bayyana gaskiya ba tona asiri ba ne. Shi ya sa ma ba a ambaci sauran ma'aikata bakwai a takardar ba, kowa aka yi masa tasa gajeriya, ta dubu biyar ɗinsa.

Jimlar da ta fi kowace tsada ita ce "cirewar ba ta nufin ana zarginka". Ku tuna aikinsa. Mai kula da sito ne, buhu ya ɓace a sito, aka cire masa kuɗi. Ko da an cire wa kowa, shi ne zai kwana yana tunanin ana kallonsa da ɓarawo, a garin da surukansa da limaminsa duk sun san inda yake aiki. Dubu biyar za ta dawo ta banki, wannan kuwa sai da kalma. Mai gyaran wasiƙa yana bukatar ya tambayi kansa abin da mai karɓa ke tsoro wanda bai rubuta ba.

Layin "yawo da magana" mun share shi gaba ɗaya. Da muka bincika, abin da ya faru shi ne mai sito ya tambayi direba ko shi ma an rage masa. Wannan ba yawo da magana ba ne, abin da kowa zai yi ne. Ko da ma akwai gyara a halinsa, ba a haɗa gargaɗi da amsa laifi a takarda ɗaya, domin gargaɗin ne kaɗai za a ji, kuma saƙon da zai isa ga sauran shi ne wanda ya tambayi haƙƙinsa zai sha faɗa. Haka kuma ba mu sa wa'azi ba. Alhaji ya so a kawo maganar amana da cin halal, muka ce wanda ya riƙe kuɗin mutum ba shi ne zai yi masa wa'azi a ranar ba. Dokar ma ba mu ambace ta a wasiƙar ba. Amfaninta ya ƙare a zaure, wurin shawo kan Alhaji.

Wani zai tambaya me ya sa "ka" ba "ku" ba. Alhaji ya girmi mai sito da kusan shekara ashirin, a baki "kai" yake ce masa, in takarda ta zo da "ku" za ta yi kama da gatse ko kuma a gane ba muryarsa ba ce. "Malam" da sunansa sun wadatar. Da mai siton dattijo ne kuma akawu matashi ne zai sa hannu, da "ku" za mu sa, har da "Baba". Muna rubuta wa mutum wasiƙa ne da bakinsa, ba da namu ba, don haka duk kalmar da Alhaji ba zai iya furtawa a gaban mai sito ba mun cire ta, ko da ta yi mana daɗi.

Wannan tsari ba na ranar da ma'aikaci ke da gaskiya kaɗai ba ne. Da lissafi ya nuna cewa wata huɗu aka yi yarjejeniya, mai sito ne ya manta, da jimlar farko ce kawai za ta canza: "Na duba, cirewar daidai ce, ga dalili." Sai lambobi, sai kwafin takardar da ya sa wa hannu, sai gayyatar ya kawo nasa lissafin. Godiyar tana nan, don tambaya ba laifi ba ce. Da kuma kamfani ne ya yi kuskuren biyansa fiye da albashinsa, doka ta yarda a cire rarar, amma ta wata ukun da suka gabaci watan da aka gano kaɗai, kuma ladabi shi ne takarda ta riga cirewa isa.

Inda abin ya fi wuya shi ne wurin da mai amsawa ba shi ne mai biya ba. Malamin firamare a Rogo ko Karaye in ya ga gibi a albashinsa, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma zai fara zuwa, alhali jami'in da zai tarar ba shi da ikon mayar da ko naira, lissafin yana Kano. Irin wannan jami'i ba zai iya rubuta ranar biya ba, kuma kada ya ƙirƙira. Abin da yake da shi shi ne abin da ya sani da abin da ya yi: na karɓi ƙorafinka ranar kaza, na ga bambancin naira kaza tsakanin watan jiya da wannan, ba ni na cire ba kuma ban ga dalilin a takardun da ke hannuna ba, na tura sunanka da lambar fayil ɗinka ofishi kaza ranar kaza, ka dawo ranar kaza in gaya maka abin da aka ce ko da ba a ce komai ba. Duk kalmar da ke ciki gaskiya ce, kuma akwai mutum a bayan kowane aiki. Nisan da ke tsakanin wannan da "daga sama ne" shi ne malamin ya san inda takardarsa take, ba zai sake kashe kuɗin mota zuwa sakatariya sau uku a banza ba.

Saura yadda takarda za ta isa. Ma'aikatan suna da zaure a WhatsApp, akawu ya ce a saka ta can kowa ya gani an gyara. Muka hana, saboda a cikinta akwai albashin mutum da bashin da ya ci, kuma ba kowa ne ya san ya ci ba. Alhaji ya kira shi ofis ya faɗa masa da baki tukuna, sannan ya miƙa masa takardar, aka ajiye kwafi a fayil. Ga ma'aikaci biyu da ba sa karanta boko, akawu ya karanta musu tasu a keɓe, lamba bayan lamba. Ranar 7 ga wata aka tura kuɗin su kaɗai, ba a cakuɗa su da komai ba, 17,000 cif, kuma a gurbin bayani na banki aka rubuta "mayar da cirewar Satumba", domin in ya buɗe wayarsa lambar da ke kan allo ta zama ita ce lambar da ke kan takarda.